Cinikin biri a sama: kalmomin da ke kwantar da hankalin mai sayen atamfa

Wata mai karatu daga Garwa, a nan ƙasarmu Kamaru, ta rubuto: "Malam, ina sayar da atamfa ta intanet, kuma ƙarƙashin kowane hoto nakan rubuta 'mai kyau, mai inganci, ga araha'. Duk da haka mutane sai su yi ta tambaya, daga ƙarshe su tafi ba su saya ba. Wata ma ta ce mini ita ba ta cinikin biri a sama. Mene ne ma'anar wannan magana, kuma waɗanne kalmomi ya kamata in yi amfani da su?"

Hajiya, birin da ke kan bishiya ana ganinsa, amma bai shiga hannun kowa ba, saboda haka wanda ya biya kuɗinsa ya sayi abin da ba shi da tabbacin samu. Hausawa suna faɗin wannan magana ga duk cinikin da mai saye bai taɓa hajar ba, bai juya ta ba, bai kuma san aibinta ba. A kasuwa, mace takan warware atamfa ta murza ta tsakanin yatsu, ta ɗaga ta ga hasken rana, wata ma har ta shafa mata ɗan ruwa ta ga ko launin zai fita. A waya duk wannan ba ya yiwuwa, don haka rubutun da ke ƙarƙashin hoto shi ne zai yi aikin yatsun nan.

Kalmomin da kika zaɓa ba su iya wannan aiki. "Kyau" hukunci ne na ido, kuma hoto ya riga ya nuna shi. "Inganci" kalma ce mai nauyi a asalinta, domin abin da ya inganta shi ne wanda aka tabbatar da sahihancinsa, amma 'yan talla sun yawaita ta har ta zama kamar gaisuwa, kowa yana faɗinta, mai jabu da mai na asali. "Araha" kuwa ta fi su haɗari, saboda mai karantawa tana ɗauke da karin maganar nan a ranta, cewa araha ba ta ado. Idan kin haɗa inganci da araha a jimla ɗaya ba tare da dalili ba, kin ƙara mata shakka ne. In da gaske farashinki ya yi ƙasa, faɗi abin da ya sa, misali cewa ragowar kayan salla ne kike so ki sallamar.

Hausa tana da kalmomin da suka fi waɗannan amfani, domin kowacce tana nuni ga abin da za a iya gwadawa. "Zuba" ita ce fitar rini a cikin ruwa lokacin wanki, har ya ɓata wani tufafi. "Koɗewa" kuwa dusashewar launi ce a hankali saboda rana da yawan wanki, kuma bai kamata a gauraya su ba, domin atamfa tana iya ƙin zuba amma ta koɗe bayan watanni, musamman a zafin rana irin na Garwa da Marwa. "Ƙarko" shi ne daɗewar yadin kansa ba tare da ya yage ko ya saki ba. Idan mace ta tambaye ki ko atamfa tana da inganci, yawanci waɗannan ukun take nufi, sai dai ta dunƙule su a kalma ɗaya. Kafin ki rubuta "ba ta zuba", yanki ɗan ƙyalle ki jiƙa shi a ruwan sabulu, ki goga shi a kan farin yadi, sannan ki rubuta abin da kika gani. Ki auna shi kafin wanki da bayan ya bushe, domin auduga takan ɗan tsuke.

Sai batun awo, inda kalmomi suka fi yaudarar mutane. "Turmi" ba ma'auni ne da kowa ya yarda da tsawonsa ba: yawancin masu saye a yau yadi shida suke nufi, amma akwai wuraren da turmi yake yadi goma sha biyu, shida kuma rabinsa. Ga shi kuma a ƙasarmu tela da mita yake aiki. Yadi ɗaya ya ɗan haura santimita 91, don haka yadi shida kusan mita biyar da rabi ne, watau zane uku masu yadi bibbiyu. Rubuta duka biyun. Haka nan farashi: "dala" sefa biyar ce a lissafin baki, har wanda ya ce dala ɗari yana nufin sefa 500, kuma mai saye daga Injamena ta saba da irin wannan lissafi da sunan riyal. "Jaka" sefa dubu ce a wurin masu kashe sefa, amma a Najeriya naira ɗari biyu ce. Tunda hotonki yana ƙetare iyaka, sa farashin da lambobi, ki ambaci sefa.

Ga yadda bayanin turmi ɗaya zai iya kasancewa, a ce gwajinki ya nuna haka:

"Atamfa ce ta auduga zalla, yadi shida (kusan mita 5 da rabi), faɗinta santimita 115. Ƙasanta shuɗi ne mai duhu, da furanni ruwan ɗorawa. An ɗauki hoton da rana a inuwa, ba a gyara launinsa ba. Na wanke ƙyallenta da sabulu: ruwan farko ya ɗan yi shuɗi, na biyu ya fita fes, saboda haka a wanke ta ita kaɗai a karon farko. Farashi sefa 12,000, ban da kuɗin mota. A cikin Garwa ana biya bayan an karɓa an duba. Zuwa Marwa da Ngaundare ina aikawa ta motar fasinja, a biya ta Orange Money ko MTN MoMo. Idan ta zo ba kamar yadda na faɗa ba, a dawo da ita cikin kwana uku ba a yanka ba, in mayar da kuɗi."

Na san jimlar da za ta fi yi miki nauyi ita ce ta ruwan farko, domin ɗan kasuwa ba ya son ambaton aibin hajarsa. A ganina ita ce mafi ƙarfi a cikin bayanin. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ma'ana wanda ya san halin abu kafin ya saya ba shi da bakin ƙorafi daga baya. Sharaɗin maganar shi ne sanin, kuma ke ce za ki samar da shi. Matar da kika gaya wa cewa launin zai ɗan fita za ta ware atamfar a wankin farko, ta kuma yarda da sauran abin da kika rubuta. Wadda kika ɓoye wa kuwa za ta haɗa ta da farin mayafinta, kuma abin da za ta kira shi ke nan algus ko ha'inci, ba za ta tsaya ga gaya miki ke kaɗai ba.

Game da kwaɗaitarwa, ki guji "saura kaɗan, a hanzarta" in ba gaskiya ba ne, domin wadda ta ga hoton nan bayan wata guda da wannan rubutu ta gane. In turmi huɗu suka rage, ce huɗu. Abin da ya fi jan mai saye shi ne ki nuna mata inda kayan zai yi mata amfani, kamar cewa yadi shida yana isa riga da zane da ɗankwali, ko cewa kina da turmi ashirin iri ɗaya ga masu neman anko na biki, tare da ranar da za ki iya kai su.