Ba tsayin tanki kaɗai famfo yake hawa ba

"Malam, zan fara sayar da ruwan borehol, tankina lita 10,000 ne, bakinsa mita 10 daga ƙasa. Ƙanina ya yi min lissafi wai ko rabin yunit na wuta ba zai ci ba ya cika, ya ce wata uku na mayar da kuɗina. Haka ne?"

Alhaji, ajiye maganar wata ukun nan tukuna. Ƙaninka ya san lissafi amma daga doron ƙasa ya fara awo, shi kuwa ruwan can ƙasa yake. Kuma ba zurfin ramin za ka ɗauka ba, ba kuma inda aka rataye famfo ba, inda saman ruwan yake tsayawa lokacin da famfo ke aiki shi ne, don da an kunna ruwan yakan ja baya. Wanda ya haƙa maka ya san wannan, ka tambaye shi.

Mu ce yana tsayawa a mita 40. Ƙara 10 na tanki, ƙara kamar 5 na gogayyar ruwa da bututu da lanƙwasoshi, ya zama 55. Sai ka ɗauki dubunnan litoci ka ninka da tsayin ka raba da 367, wato 10 sau 55 raba 367, yunit ɗaya da rabi ke nan. Wannan fa aikin da ya shiga ruwan ne kawai. Ƙaramin famfo da injinsa ba duk wutar da suka ja suke bai wa ruwa ba, in ka samu kashi 40 cikin 100 ba laifi, saura ya tafi a zafi, saboda haka mitar wuta za ta nuna wajen yunit 3.75. Famfo mai ba da lita 3,000 a awa zai yi awa uku da minti ashirin yana jan kilowat ɗaya da 'yan kai. Ninka 3.75 da farashin yunit a wajenku, sannan da sau nawa za ka cika a rana.

Na san wani da ya yanke farashin jarkarsa da damina, ruwa na kusa. Rani ya yi, ruwan ya sauka, abin da famfon ke fitarwa ya koma kusan rabi, wutar da yake ja kuwa kusan tana nan yadda take, tankin da ke cika a awa uku ya koma shida, shi ko a jikinsa don bai taɓa duba agogo ba, sai yaron shagonsa yake zargi da cin kuɗi.

Kafin ka sa farashi, kashe komai na gidan, rubuta lambar mita, cika tankin daga babu komai, sake rubutawa har da lokacin da ya ɗauka. Ka riƙa yi duk wata. In lokacin ya fara tsawo, ko ruwa ya sauka, ko famfo ya ci yashi, ko bututu na yoyo a cikin rami.