Gwajin ƙwai da ruwa: abin da yake nunawa da abin da yake ɓoyewa

Tambaya: “Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na sayo kiret ɗin ƙwai a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, yau kwana goma sha biyu, jiya na fasa ɗaya wari ya cika ɗaki. Yaya zan gane masu kyau cikin sauran?”

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shekarata goma sha huɗu ina sayar da shinkafa da wake da dafaffen ƙwai a Aboabo, kuma kullum da asuba kafin in ɗora tukunya sai na yi wannan gwajin.

Ki samu roba mai zurfi, ki zuba ruwan sanyi yadda zai rufe ƙwai da kamar tsawon yatsa. Ruwa zalla, kada gishiri ya shiga, domin ruwan gishiri ko ƙwan da kaza ta saka yau sai ya ɗaga shi. Ki riƙa sa su a hankali, uku ko huɗu a lokaci guda. Wanda ya nutse ya kwanta a gefensa sabo ne. Wanda ya nutse amma ya ɗaga gindi, ko ya miƙe tsaye tsininsa na ƙasa, ya kwana biyu, sai dai yana ciyuwa. Wanda ya taso saman ruwa yana yawo ya tsufa ƙwarai.

Dalili kuwa shi ne ɓawon ƙwai yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ta nan ruwan ciki yake ƙafewa kaɗan-kaɗan, iska ta maye gurbinsa a ɓangaren nan mai faɗi. In kin taɓa ɓare dafaffen ƙwai kika ga gindinsa ya lotsa, to gurbin iskar ke nan. Zafi yana hanzarta abin, haka ma bushewar hunturu, shi ya sa kiret ɗin da aka bari kusa da murhu yake riga na ɗaka tsufa.

Ga inda nake so ki buɗe kunne: ruwa tsufan ƙwai yake faɗa miki, ba lafiyarsa ba. Wata damina na gwada kiret guda, ƙwai talatin. Ashirin da ɗaya suka kwanta, bakwai suka tsaya, biyu suka taso. Na fasa biyun nan a waje, ɗaya baragurbi ne, ɗayan kuwa ba wari ko kaɗan, gwaiduwar ce kawai ta saki. Amma cikin ashirin da ɗayan da na amince da su, akwai wanda na fasa zan soya wa yarana, sai ga ruwa kore-kore da ɗoyi. Da na duba ɓawon, ashe ya yi ɗan tsagu siriri kamar gashi, ƙazanta ta shiga ta nan. Bai tsufa ba balle ya taso, amma ya riga ya ruɓe. Ƙwai huɗu masu kyau da na riga na fasa a kwanon duk suka tafi shara, abin ya ƙona mini rai.

Tun daga ranar ba na fasa ƙwai kai tsaye cikin kasko ko kan 'yan'uwansa. Ƙaramin kofi nake ajiyewa, in fasa ɗaya, in duba, in sansana, sannan in juye. Sabon ƙwai gwaiduwarsa takan yi tudu, farin ya yi kauri ya rungume ta. Na kwana biyu gwaiduwar takan baje, farin ya tsinke kamar ruwa. In ba wari, a soya shi ya soyu sosai a ci. Ɗan ɗigon jini a jikin gwaiduwa ba lalacewa ba ne, ki cire da cokali. Amma wari, ko launin kore, baƙi ko ja-ja a cikin farin, ki zubar ki wanke kofin da sabulu.

Tsagun kuma da tocilan wayarki za ki kama shi. Ki shiga wuri mai duhu, ki manna hasken a gindin ƙwan ki juya shi, layin zai fito fili, har girman iskar za ki gani. Girgizawa a kunne da ake yi a kasuwa ban cika dogara da ita ba, sai ƙwai ya tsufa sosai yake motsi.

Kada kuma ki tsoma kiret ɗin duka yau ki mayar ki ajiye. Ruwa yana wanke ɗan rufin da kaza take shafe ɓawon da shi, wanda yake toshe ƙofofin nan, don haka wanda ya jiƙe a ranar ake cinsa. Ki gwada adadin da za ki dafa kawai. Masu tasowa, ni dai ba na sayar wa mutane su, ba na kuma ba yara. Masu tsayawa su nake fara dafawa, ga shi ɓawonsu ya fi sauƙin ɓarewa fiye da na sabo. Ragowar ki bar su a kiret tsini na ƙasa, ki sa a firij in kina da shi, in babu ki nemi lungun da ya fi sanyi a ɗakin, nesa da kurfoti da taga mai rana.