Raguwar darajar inji da harajin da take rage maka

"Maigida, a lissafin injin casar shinkafa da ka ba ni, na ga ka cire raguwar daraja daga riba, can ƙasa kuma ka sake mayar da ita. Tunda ba kuɗi ba ne da ke fita daga aljihu, me ya kawo ta cikin lissafin kuɗin da zai shigo hannu?"

Ɗana, ɗauko biro mu bi shi tare. Injin nan naira miliyan 50 ne, kuma ranar saye ake biyan kuɗin gaba ɗaya. Mu ɗauka zai yi shekara 5, a raba kuɗinsa daidai wa daida, miliyan 10 kowace shekara, ita ce raguwar darajar da ake cirewa daga riba. Bayan an biya dizal, albashi da gyara, yana bar wa kamfanin miliyan 18 a shekara. Harajin kuma mu sa kashi 30 cikin ɗari, irin wanda manyan kamfanoni ke biya a Najeriya.

Da hukuma ba ta yarda a cire komai na injin ba, sai ta yanki kasonta daga miliyan 18 ɗin nan cif, wato miliyan 5.4, a bar mai kamfani da miliyan 12.6. Amma ta yarda a cire miliyan 10 tukuna. Saura miliyan 8, harajinsa miliyan 2.4. To nawa ya rage a asusu? Miliyan 10 ɗin nan ba wanda aka miƙa wa, a takarda kawai aka cire ta, kuɗin suna nan a banki. Abin da ya fita da gaske harajin ne kaɗai. Cire 2.4 daga 18, ka samu miliyan 15.6. Tsakanin 12.6 da 15.6 akwai miliyan 3, kuma wannan shi ne duk aikin da raguwar daraja ta yi: miliyan 10 sau kashi 30 cikin ɗari. Ba ta kawo ko kwabo daga waje ba, hannun mai karɓar haraji ta rage.

Shi ya sa ka ga na mayar da ita. Ribar bayan haraji miliyan 5.6 ce, ka ɗora 10 a kai, ga 15.6 ta dawo. Kullum ka yi lissafin ta hanyoyin nan biyu. In suka saɓa, akwai kuskure. Ina sabon shiga na taɓa mantawa da mayarwar, bayan na riga na rubuta kuɗin injin a ranar saye. Ka ga na caji injin sau biyu ke nan, har ciniki mai kyau ya fito kamar asara. Maigidana ya zagaye wurin da jan biro, ya turo mini takardar.

Sai dai kada ka ce miliyan 3 sau biyar miliyan 15 ne, ka tsaya nan. Kuɗin injin yau ka biya, sauƙin harajin kuwa kaɗan-kaɗan yake zuwa. In kuɗin da ke juyawa a kamfanin na kawo kashi 20 cikin ɗari a shekara, miliyan 3 ta baɗi daidai take da miliyan 2.5 ta yau, ta shekara ta biyar kuma ba ta wuce miliyan 1.2 da ɗan ɗori ba. Ka tara duka biyar, kusan miliyan 9 za ka samu. Ga kuma tsadar kaya: farashin da aka sayi injin a kansa ake rabawa, ko da sabonsa ya ninka kuɗi a kasuwa. Don haka duk tsarin da ya ba ka damar cire kaso babba da wuri ya fi maka, ko da jimillar ba ta canza ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, a Najeriya adadin da ka rubuta a littafin kamfani ba shi hukumar haraji ke karɓa ba. Mayar da shi take yi cikin riba, sannan ta ba da nata alawus na kayan aiki, wato abin da ta yarda a cire daga riba kafin haraji, bisa adadin da doka ta tsara wa kowane irin kaya. Da wannan alawus za ka yi lissafin haraji, saboda haka ka duba dokar da ke aiki a shekarar kafin ka sa lamba.

Sauƙin kuma sai da harajin da za a rage. Shekarar da shinkafa ta yi kwantai ba a ci riba ba, miliyan 3 ɗin ba za ta shigo ba, sai a tura alawus ɗin gaba, darajarsa na ƙara raguwa. Ƙaramin kamfanin da doka ta yafe wa wannan haraji kuwa ba shi da abin da za a rage masa, sifiri za ka rubuta a wannan layi.

Layin ƙarshe na lissafin da kai ka gwada yi a takardarka ma gyara yake so. Ka sa za a sayar da injin miliyan 8 bayan shekara 5, ka shigar da su duka. Ai an riga an cire kuɗinsa kaf, don haka hukuma za ta nemi kasonta a kan abin da aka sayar. Cire miliyan 2.4, ka rubuta 5.6, sannan ka kawo mini in sake dubawa.