Wa ke ganin hotunanki a Fesbuk, wa zai iya yi miki tagin ko turo saƙo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Fesbuk ɗina da Turanci yake. Na mayar da shi na abokai kawai, amma baƙi na ganin tsofaffin hotunana, ana yi mini tagin a tallace-tallace, kuma maza na ta turo saƙo. Ina mafita? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa uku ne a nan, kuma kowanne da wurin da ake saita shi. Ki shiga Settings & privacy, sannan Settings, ki gangara zuwa Audience and visibility, ki taɓa Posts. Layin da ya ce Who can see your future posts yana magana ne a kan abin da za ki wallafa nan gaba kaɗai, shi ya sa Friends ɗin da kika zaɓa bai taɓa hotunan baya ba. Su na baya sai kin danna Limit past posts, wanda zai mayar da duk abin da ke Public zuwa Friends a lokaci guda. Amma ki yi tunani tukuna, domin idan kika so buɗe su daga baya, sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya. Hoton fuskar shafi da na bango kuwa kowa na ganinsu.

Batun tagin ya fi ruɗa mutane. A cikin Profile and tagging ki kunna layin da ya fara da Review posts you're tagged in. Wannan ba ya hana a yi miki tagin, abin da yake yi shi ne hana abin hawa shafinki sai kin amince. Misali, idan wata mai sayar da atamfa ta liƙa sunanki a tallarta, tallar ba za ta fito a shafinki ba, amma masu bibiyarta za su ci gaba da ganin sunanki a jiki har sai kin buɗe tallar kin zaɓi Remove tag. Wadda ta mayar da abin sana'a, a ganina Block ne maganinta. Haka kuma idan ke kika yi wa ƙawarki tagin a hoton biki, ƙawayenta ma za su iya gani, ko da kin sa Friends.

Saƙonni kuma a Messenger ake saita su, ƙarƙashin Privacy & safety, sannan Message delivery. A wurin mutanen da ba abokanki ba, ki zaɓi Don't receive requests. Idan kina kasuwanci da shafin, gara ki bar shi a Message requests, don kada saƙon masu saye ya daina iso miki.

In kin gama, ki buɗe shafinki ki zaɓi View as, za ki ga daidai abin da baƙo ke gani.