Canja wa Tuwo Suna a Rubutun Bincike

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mai duba kundin digirina ya rubuta a gefen wani sakin layi cewa na canja wa tuwo suna ne kawai, alhali kusan kowace kalma ta marubucin sai da na musanya ta. Ina kuskurena yake? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: 'Yata, Bahaushe yana yin wannan karin magana ne idan abu yana nan yadda yake, sunan da ake kiransa da shi kaɗai aka sauya. Jimla tana da kalmomi, tana kuma da ƙira, wato abin da aka fara ambata, da abin da ya biyo baya, da yadda aka ƙulla su. Wannan ƙira ta marubuci ce kamar yadda kalmomin suke nasa, kuma wanda ya ɗauke ta bai nuna ba ya faɗa cikin satar fasaha ko da bai yi niyya ba.

Bari in tsara miki jimla mu ɗauka cewa a littafi kika same ta: "A shekarar 1917 Turawan mulkin mallaka suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka mayar da ita Kaduna, kuma daga cikin dalilansu akwai hanyar jirgin ƙasa da wadatar ruwan kogi." Idan kika rubuta cewa a 1917 'yan mulkin mallaka suka kwashe babban birnin Arewa daga Zungeru suka kai shi Kaduna, kuma cikin hujjojinsu akwai layin dogo da yalwar ruwa, to ba ki taɓa ƙirar ba. Ki jera jimlolin biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, za ki ga kowace kalma tana zaune daidai inda 'yar'uwarta take. Da wannan gwaji mai duba aikinki ya gane, kuma ke ma kina iya yin sa kafin ki miƙa aiki.

Gyaran yana farawa ne da rufe littafin. Ki karanta har sai kin iya faɗa wa ƙawarki abin da baki, sannan ki rubuta a takarda ƙwayoyin bayanin kaɗai: 1917, Zungeru, Kaduna, jirgin ƙasa, kogi. Daga nan ki tambayi kanki dalilin da ya sa kike kawo wannan bayani, domin amsar ita ce za ta zaɓa miki farkon jimla. In a kan bunƙasar garin kike rubutu, kina iya cewa: "Jirgin ƙasa da kogi suna cikin abubuwan da suka ja hankalin Turawa zuwa Kaduna, wadda ta gaji Zungeru a matsayin hedikwatar Arewa a 1917." Dalili ya koma gaba, Kaduna ta zama abin magana, jimlar kuma ta shiga hidimar bincikenki. Sunaye da shekara suna nan, domin ba a nema musu madadi. Duk da haka dole ne ki sa sunan marubucin da shekarar bugu, da shafi idan tsarin sashenku ya buƙata, tun da daga gare shi kika samo bayanin.

Abin da ya fi damuna a aikin ɗalibai shi ne ɓata ma'ana garin gudun kamanni. Marubucin ya ce "daga cikin dalilansu", wato ya bar ƙofa a buɗe ga wasu dalilai. Ɗalibin da ya rubuta cewa saboda jirgin ƙasa aka koma Kaduna ya rufe wannan ƙofa, ya kuma jingina wa mutum maganar da bai yi ba. Haka "hujja" ba daidai take da "dalili" ba a kowane muhalli, domin hujja ita ce abin da ake kafawa a gaban mai jayayya. Ki kula kuma da kalmar da kike gabatar da ra'ayinsa da ita: "ya ce" ba ta ɗauki ɓangare ba, "ya yi iƙirari" tana nuna kina shakka, "ya tabbatar" kuwa tana nuna kin yarda an kawo shaida. Kalmomi irin su "galibi", "wataƙila" da "wasu" ƙanana ne, amma su ne ma'aunin ƙarfin magana, saboda haka bayan kin gama ki buɗe littafin ki duba ko kowace ta sami wakili a jimlarki.

Karin magana kuwa, tun da mallakar al'umma ce, ana kawo ta da lafazinta. Fashin baƙin da wani masani ya yi mata shi ne nasa, sai an ambace shi. Idan kuma kika iske wata jimla da duk yadda kika juya ta sai ma'anarta ta ragu, ki kawo ta yadda take cikin alamar zancen wani, ki sa lambar shafi. Tun a littafin da kike tara bayanai ki riƙa sa wannan alama ga duk abin da kika kwafa, domin bayan wata biyu za ki iya ɗaukar jimlar wani a matsayin taki ba tare da kin sani ba.