Wa zai biya idan masana'antar biliyan 2 ta ƙone?

"Maigida, na ga mun karɓi inshorar gobara ta wata masana'antar robobi a Sharaɗa a kan naira biliyan 2. In ta ƙone ƙurmus, ina za mu samo kuɗin?"

Ba daga aljihunmu kaɗai za su fito ba. Kafin takardar ta bar ofis, an riga an raba nauyin gida uku, domin mu ma muna yin inshora a wajen kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Africa Re da ke Legas, ko Munich Re da Swiss Re a Turai.

Farko akwai rabonmu, wato abin da jarinmu zai iya ɗauka a kan kadara guda ba tare da mun durƙushe ba. Mu ɗauka miliyan 200 ne. Wannan shi muke kira layi ɗaya. Sai kuma yarjejeniyar shekara, wadda a ofis ake ce mata tiriti. A ce ta ba mu layi 5, wato ninkin rabonmu sau biyar, biliyan 1 ke nan. Daɗinta shi ne ba sai mun nemi izini a kan kowace kadara ba. Muddin kadarar tana cikin irin waɗanda aka amince da su, ta shiga, sai dai a yi lissafi duk wata uku. Saura miliyan 800, kuma su ne masu wahala. Dole a ɗauki bayanin wannan masana'anta ita kaɗai, da rahoton wanda ya je ya duba ta, a kai wa masu karɓa ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana da damar ya karɓa ko ya ƙi. Wannan shi ne fak. Kuma ba a fita da shi waje sai kamfanonin gida sun ɗauki iya ƙarfinsu, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba da izini.

Ka ga rabon ya zama kashi 10 namu, 50 na tiriti, 40 na fak. Haka za a raba kuɗin da mai masana'anta ya biya, illa dai suna mayar mana da kamasho saboda mu muka yi ɗawainiyar samo cinikin. Haka kuma za a raba asara. In wuta ta ci kayan miliyan 900, namu miliyan 90, na tiriti 450, na fak 360.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Mai masana'anta bai san wani Africa Re ba, kuma ba shi da hurumin kai ƙararsu. Da mu ya ƙulla, don haka miliyan 900 ɗin nan gaba ɗaya a wuyanmu suke, ko masu tiriti da fak sun biya mu ko ba su biya ba. Shi ya sa ake sa sharaɗi a yarjejeniya cewa in asara ta haura wani adadi, za mu nemi rabonsu nan take, ba sai lissafin wata uku ya zagayo ba. In ka ji an ce kamfani yana jan ƙafa wajen biyan babbar diyya, sau da yawa nan gizo ke saƙar.

Yawanci fak ne ke ba da ruwa. Wani ya ba abokin ciniki takarda alhali kashi 25 kacal aka sa wa hannu daga cikin 40, yana cewa gobe zai ƙarasa. Wani kuma an ba shi wa'adin tura musu kuɗinsu, ya bari ya wuce, kariyar ta faɗi bai sani ba. In wuta ta tashi bayan fak ɗin ya faɗi gaba ɗaya, miliyan 90 ɗinmu sun koma 450. Saboda haka kada ka yarda da "an yi magana a waya". Ɗauko takardar fak, ka ƙirga sa hannu da kason kowa, ka ga sun cika 40, sannan ka duba ko ranakun farawa da ƙarewa sun yi daidai da na takardarmu. Ranar da gobara ta auku kuma, a ranar za ka sanar da su, tun kafin a san yawan asarar. Wasunsu ma sun sharɗanta kada a amince da diyya sai da saninsu.

Abu ɗaya da sababbin shiga ke mantawa: roba makamashi ce. Da yawan kamfanoni ba sa riƙe cikakken layi a kanta. In muka rage rabonmu zuwa miliyan 100, tiriti ma ya sauko miliyan 500, tunda ninkin rabonmu ne. Fak ɗin da za ka nema ya tashi daga miliyan 800 ya koma biliyan 1 da miliyan 400. Je ka ɗauko jadawalin rabonmu na bana, mu ga a wane aji aka sa robobi.