An ba ni jagorancin muhawara a jami'a, me zan faɗa a jawabin buɗewa?

«Salamu alaikum yayyena. Ƙungiyarmu ta ɗalibai a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa ta shirya muhawara kan tafiyar matasan Adar cin rani, da baƙi huɗu masu jawabi, kuma ni aka ce in jagoranci zaman. Ban taɓa yi ba. Me ake faɗa a jawabin buɗewa, kuma ta yaya zan gayyaci mutane su yi tambayoyi?»

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta saƙonka sai da gabana ya faɗi, don na taɓa tsayawa inda za ka tsaya, kuma ranar ba ta yi mini daɗi ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe, a nan Yamai. Ba zan faɗi wurin ba. Na kwana uku ina rubuta jawabi, shafi huɗu cur, duk gaisuwa da tarihin baƙi. Maganar tambayoyi kuwa layi ɗaya na ba ta a can ƙarshe, na ce bayan jawabai za a ba jama'a dama. Shi ke nan. Da lokacin ya zo, wani malami babba da ke layin gaba ya miƙe tun ban kira kowa ba, ya karɓi mikro daga hannun yaron da ke yawo da shi, ya ce shi ba tambaya gare shi ba, ƴar gudummawa ce. Ƙanena, minti 18 ya yi. Ina kallon agogo ina zufa. Ya gyara wa baƙo na farko magana, ya ba da labarin karatunsa a waje, ya koma kan wani taro da aka yi ba a gayyace shi ba. Akwai wata ɗaliba a can baya, hannunta na sama tun farko, tana saukewa in ya gaji tana sake ɗagawa, da ƴar takarda da ta rubuta tambayarta. Har yau ina ganin fuskarta. Yana gamawa aka kira la'asar, anfi ya watse, ba ɗalibi ko ɗaya da ya yi tambaya a taron da ɗalibai suka tara kuɗinsu suka shirya. Abin da ya fi ƙona mini rai, shi wannan malamin ne ya tare ni a bakin ƙofa, gaban abokaina, ya ce ban iya riƙe taro ba. Ban ce masa komai ba, babba ne. Amma na yi sati ban iya cin abinci da kyau ba, kuma ban yafe wa kaina maganar yarinyar nan ba.

Daga baya na gane inda na faɗi. Ba a lokacin da ya miƙe ba, tun a jawabin buɗewa ne. Dokar da ba ka kafa tun farko ba, ba za ka iya ɗora ta kan babba a tsakiyar maganarsa ba, zai zama cin fuska. In kuwa ka faɗe ta kafin kowa ya buɗe baki, ba da kowa kake ba, kuma ɗakin gaba ɗaya ya zama shaidarka.

Don haka jawabinka kada ya wuce minti 5, kuma rabinsa na tsarin zaman ne. Gaisuwa a taƙaice: manya uku ko huɗu bisa matsayinsu, sauran ka haɗa su a jimla ɗaya. Ka nemi jerin daga wanda ke kula da tarbar baƙi, ka sake dubawa da idonka wa ya zo wa ya aiko wakili. Kowane baƙo layi biyu ya ishe shi: sunansa, aikinsa, da abin da ya haɗa shi da maganar cin rani. Ka tambaye su kafin a shiga yadda ake kiran sunansu da muƙaminsu, don kiran farfesa da dokta yana ɓata wa mutum rai har ƙarshen zama.

Kan batun kansa, kada ka yi wa baƙi aikinsu. Mutanen Tawa ba sa bukatar ka gaya musu samari na tafiya Abijan ko Libiya ko Nijeriya bayan girbi, kowa a anfin yana da wa ko uba a can. Ka ajiye tambaya ɗaya a tsakiyar ɗaki, misali: kuɗin da ake aikowa gida yana biyan abin da gari ke rasawa in majiya ƙarfi sun tafi? Sai ka bar ta haka.

Ka yi lissafin lokaci a takarda. In awa biyu gare ku, kai minti 5, baƙi huɗu minti 12 kowanne, ya zama 48, tambayoyi 45, sauran na kalmar ƙarshe da rufewa. A minti 45 ɗin nan zagaye uku kawai za ka samu in kana ɗaukar tambaya uku a tare kafin a amsa, wato mutum tara. Ka faɗa musu wannan adadin tun farko. Ni yanzu kusan haka nake cewa:

«Jama'a, wannan zama naku ne. Bayan baƙinmu sun gama, muna da minti 45 na tambayoyi, uku-uku. Wanda aka ba mikro ya faɗi sunansa da sashensa, ya faɗi wanda yake tambaya, tambaya ɗaya cikin minti ɗaya. Zagayen farko na ɗalibai ne. Iyayenmu malamai masu gudummawa, mun ware muku wuri bayan zagaye na biyu, minti biyu-biyu. Wanda na tsayar ya yi mini afuwa tun yanzu, agogo ne ba ni ba. Ku fara rubuta tambayoyinku tun ana jawabi.»

Wannan wurin da ka ware wa malamai shi ne ke ceton ka, don ba ka hana su ba, ka ba su mazauninsu. Amma ka cire lokacinsa daga cikin na zagaye na uku, kada ka ƙara shi a kan minti 45 ɗin.

Kuma don Allah mai yawo da mikro ya riƙe abinsa a hannunsa, ya kanga wa mai tambaya kawai. Da yaron nan bai saki ba ranar, da labarin ya sake.

Ka faɗi maganar harshe ma. Tun 2025 kundin ƙasa ya sa Hausa harshen ƙasa, Faransanci na aiki, amma har yanzu yaro zai haɗiye tambaya mai kyau don tsoron a yi masa dariyar Faransancinsa. Ka ce da bakinka ana iya tambaya da Hausa ko Faransanci, kuma in akwai mai fassara Tamajak ko Zabarmanci ka nuna shi. In baƙo bai ji ba, kai ka maimaita masa a jimla ɗaya. Ko ba don fassara ba ka riƙa maimaita tambaya, na baya ba sa ji.

Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, ka ce wa ke da tambaya ɗaki ya yi tsit. Kada ka firgita ka cika wurin da surutu. Ka ƙirga goma a zuci. Ka tanadi tambaya biyu naka, ka kuma shirya da ɗaliba ɗaya tun ana gobe taron ta fara, don na lura in mace ta buɗe sauran mata suna biyo ta, in maza uku suka fara shi ke nan. Ka raba ƴan takardu ga masu jin kunya.

Ka duba lokacin salla kafin ku tsayar da awa, ka lissafa da makarar manyan baƙi. In an fara a makare, ka rage daga jawabin baƙi, ka gaya musu a kunne kafin su zauna, kada ka taɓa minti 45 na ɗalibai. In ka rubuta naka ka turo shi nan kafin ranar, zan karanta da ƙarfi da agogo a hannu in gaya maka inda ya yi tsawo.